"Kamar ɗiyata take" ba takardar aiki ba ce

Na ji muryar nan da wata Hajiya ta tura tana kuka da 'yar aikinta da ta nemi a rubuta mata takardar aiki, wadda ke ta yawo a wayoyin matan kartiyenmu tun shekaranjiya, kuma na ga masu taya ta jaje. To ni ba na cikin masu jajen. Yarinyar ba ta yi butulci ba, ba ta yi rashin kunya ba, kuma babu wanda ya hure mata kunne. Wata 18 ta yi tana aiki a gidan nan, ta tambayi abin da doka ta riga ta ba ta, aka watso mata kaya waje. Wanda ya kamata ya ji kunya a wannan magana ba ita ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai a cikin muryar shi ne inda Hajiya take cewa, "Ni da na riƙe ta kamar ɗiyata, yau ni za ta nema da takarda?" Wannan kalma ta "kamar ɗiyata" ta cinye haƙƙin 'yan aiki a Yamai fiye da yadda zagi da duka suka ci. Ɗiyarki ta cikinki tana lakwal, ƙarfe bakwai direba ya kai ta. Wannan kuwa tun kiran assalatu tana tsugune a bakin famfo, ita ce shara, ita ce wanki, ita ce goyon auta, ita ce ƙarshen kwanciya bayan an wanke tukunyar dare. Kina biyan ta a ƙarshen wata, kina ba ta umarni, kina iya sallamar ta ranar da kika ga dama. Duk wanda ake biya kuɗi ya yi aiki ƙarƙashin umarnin wani, ma'aikaci ne, haka dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ɗauke shi, ko a buro yake ko a madafa. Idan kina son ta, Allah ya saka miki da alheri, amma so ba ya goge bashi.

Ga waɗanda suka ji gefe guda kawai, ga yadda abin ya faru. Yarinyar 'yar Adar ce, daga wani ƙauye a yankin Illela, shekarunta wajen 19. Wata dillaliya ce ta kawo ta Yamai, aka yi magana da baki a kan jika 20 a wata. Jika 10 a hannunta, jika 10 kuma Hajiya ta ce za ta riƙa ajiye mata don kayan ɗaki. Ba a rubuta komai ba. Ba ta da ranar hutu a sati, sai dai wata Juma'ar da yamma a ce ta je kitso ta dawo kafin magariba. Da damina aka aiko cewa innarta ba ta da lafiya, ta roƙa aka bar ta ta tafi, ta yi kwana 10 har da kwanakin hanya, don duk wanda ya taɓa bin hanyar Doso, Dogondutsi, Ƙonni ya san yini guda take ci. Da ta dawo, ƙarshen wata aka zaftare mata jika 7. Hajiya ta ce ai kwanakin da ba a yi aiki ba, ba a biyan su. Yarinya ta yi shiru, don ita ma a tunaninta haka ne.

A wurin markaɗe ta fara jin wani abu daban. Wata 'yar uwarta 'yar aiki, wadda take wani gida a Yantala, ta ce mata ita tana shirin tafiya konje wata guda, kuma an riga an ba ta kuɗin watan. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, ta ce konje ai na masu aikin gwamnati ne. Waccan ta ce mata, "Ke dai zo ki ga takardata." Daga nan maganar ta iso gare ni, don sun san lissafin albashi ne aikina. Ta zo da daddare bayan isha'i, ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire hijabi ba, ta ce, "Anti, wai da gaske ne ana biyan mutum alhali yana gida yana zaune?" Na ce da gaske ne, kuma ba alfarma ba ce. Ta ce, "Ko irina da ban yi lakwal ba?" Na ce ko irinki.

Dokar ƙwadago ta Nijar, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce ma'aikaci yana tara hutun kwana biyu da rabi a kan kowane wata da ya yi yana aiki, kuma mai gidan da ya ɗauke shi ne zai biya shi kuɗin waɗannan kwanaki. Wata 12 ya ba da kwana 30 ke nan. Idan shekara ta cika, yana da damar tafiya hutunsa da kuɗinsa a hannu. Kuɗin kuwa lissafinsa ba shi da wuya: a tara abin da ya samu a wata 12, a raba gida 12, kashi ɗaya shi ne kuɗin hutu, wato kusan albashin wata guda. Ban da wannan akwai hutun sati, awa 24 a jere, ba awa uku na kitso ba. Idan kuma aikin ya ƙare kafin mutum ya ci hutunsa, kwanakin ba su mutu ba, ana mai da su kuɗi a haɗa masa da sallama.

Na ɗauko takarda muka yi lissafin tare, ina faɗa tana ƙirgawa da yatsu. Wata 18, kowane wata kwana biyu da rabi, kwana 45. Ta samu jika 20 sau 18, jika 360 ke nan, a raba gida 12 ya ba da jika 30. To kwana 10 da ta yi a gida fa? Nan ne na ce mata mu tsaya a kan gaskiya, don haƙƙi ba ya hana adalci ga ɗaya ɓangaren. Idan an ɗauki kwana 10 ɗin a matsayin hutun da ta ci, to sai a mayar mata da jika 7 da aka yanke, saura kwana 35 take bi, kuɗinsu ya ɗan haura jika 23. Idan kuma Hajiya ta dage cewa kwanakin nan ba na biya ba ne, to kwana 45 suna nan cif, jika 30. Ko ta ina aka bi, wajen jika 30 ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a yanke mata kuɗin kwanakin, a kuma ce ai ta ci hutunta. Yarinyar ta daɗe tana kallon takardar, sai ta ce, "Ashe ni ke bin ta." Eh, ita ke bi, kuma tun watan farko take bi.

Yanzu maganar takarda, wadda ita ce ta jawo korar. Ina jin wasu maza masu ɗan sanin doka suna cewa ai kwantiragin baki ma kwantiragi ne, doka ba ta tilasta rubutu ba. Rabin gaskiya suka faɗa. Gaskiya ne, aikin da ba a yanke masa wa'adi ba yana ƙulluwa ko da baki, kuma wannan ma 'yar aiki yake karewa, don rashin takarda ba ya nufin ba ta da haƙƙi, tana iya kafa hujja da shaidu, da maƙwabta, da mai gadi, da mai kantin da take sayen sabulu kullum. Amma dokar nan dai ta ware wuraren da rubutu ya zama dole. Aiki mai wa'adi, a ce wata shida ko shekara, sai da rubutu. Lokacin gwaji, irin "bari mu ga hannunta na wata guda", sai da rubutu. Sannan wanda ya fi shafar 'yan aikinmu: idan aikin zai sa a ɗauko mutum daga inda yake zaune a kai shi wani gari, dole a rubuta kwantiragin a gaban hukumar samar da aiki ko sufeton ƙwadago, bayan likita ya duba shi. Ku gaya mini, 'yan aiki nawa ne a Yamai aka haifa a Yamai? Daga Adar ake ɗauko su, daga Arewa, daga Zarmaganda, a sauke su a tashar Wadata da ƙullin kaya. Wannan yarinya daga yankin Illela aka ɗauko ta don wannan aiki. Da ta ce a rubuta mata, abin da ya kamata a yi tun kafin ta hau mota ta tambaya.

Kuma ko da babu kwantiragi a rubuce, takardar albashi ta kowane wata haƙƙinta ce, mai nuna nawa aka biya, na wane wata, me aka cire. Albashin wata ba a jan sa ya wuce kwana 8 bayan ƙarshen watan. Tara kuma, irin ta "kin fasa faranti na cire dala ɗari biyu", doka ta hana mai ɗaukar aiki ya ci ma'aikaci ita.

Me ta nema a rubuta? Ni na taya ta tsarawa, bai cika shafi guda ba. Sunanta da sunan mai gida. Ranar da ta fara aiki. Ayyukan da aka ɗauke ta dominsu, don wadda aka ɗauka wanki da shara ba ta wayi gari tana tallar ƙanƙarar Hajiya a bakin titi ba. Albashi da ranar biya. Ranar hutun sati. Lokacin da za ta tafi hutun shekara. Inda za ta kwana da maganar abinci. Sai kuɗin ajiya, nawa ne zuwa yau, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Shi ke nan. Ta kai wa Hajiya da ladabi, ta durƙusa, ta ce, "Hajiya, don Allah in babu damuwa a sa mini hannu a nan, saboda mantuwa." Abin da aka kira rashin tarbiyya ke nan, har aka yi masa murya ta minti bakwai.

Masu cewa takarda al'adar Nasara ce, mu da amana muka saba, ina roƙon ku buɗe Suratul Baƙara, aya ta 282, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. A kan me ta sauka? A kan rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, da kafa shaidu. Sahabbai sun fi mu amana, amma su aka fara cewa su rubuta. Kuɗin da kika ce kina ajiye wa 'yar aiki bashi ne a wuyanki. Hutun da ba ta ci ba bashi ne a wuyanki. Mu da muke jawo hadisin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe a kowane wa'azi, ta yaya za mu riƙe rabin albashin yarinya shekara da rabi babu ko layi ɗaya a rubuce? Wadda take da niyyar biya ba ta tsoron sa hannu.

Ku dubi abin da rashin rubutun ya jawo. Bayan an kore ta, na raka ta ofishin sufeton ƙwadago. Ba a biyan ko dala, ba a buƙatar lauya. Ta faɗi ƙorafinta da Hausa, aka rubuta, aka ba da takardar kira ga mai gida. Aikin sufeto a nan sulhu ne: ya zaunar da ɓangare biyu, in an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba ya rubuta cewa sulhu ya gagara, magana ta wuce kotun ƙwadago. Alhaji ne ya zo, kuma in faɗi gaskiya bai yi gardama a kan hutu ba, da aka buga masa lissafin ya ce bai san haka doka take ba, zai biya. Maganar hutu ta mutu cikin ɗan lokaci, don ranar fara aiki kowa ya yarda da ita, sauran kuwa lissafi ne.

Inda aka sha wuya shi ne ajiya. A lissafin yarinyar, jika 10 sau 18 jika 180 ne, ta karɓi jika 40 a lokuta daban-daban ta aika gida, saura jika 140. Hajiya ta aiko da cewa jika 90 ne, don ta cire kuɗin atamfar Sallah biyu, da takalmi, da maganin zazzaɓi da ta saya mata. Yarinyar ta ce atamfar nan kyauta aka ce mata, har ta durƙusa ta yi godiya. Wa zai raba wannan gardama? Babu takarda, babu shaida, kalmar wannan ce da kalmar waccan. Aka tsaya a jika 110, ta karɓa don tana son ta tafi gida. Jika 30 suka tafi a iska, albashin wata ɗaya da rabi, kuma da an riƙa rubuta layi ɗaya a kaye duk ƙarshen wata da ba a rasa ko tamma ba. Lokacin sayen atamfa ɗiya ce, lokacin biyan kuɗi kuma an tuna farashin kowane yadi. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa, "kamar ɗiyata" ba ta tsayawa a gaban lissafi.

Akwai abin da ta bari wanda har yanzu yake ci mini rai. Ko a shekarar 2012, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan an tsayar da shi ne a kan sefa 30,047 a wata. Ita jika 20 ake ba ta. An nuna mata tana iya neman cikon, ta ce a'a, ba ta son a ce ta kai uwar ɗakinta kotu, maganar za ta riga ta isa ƙauye. Ban matsa mata ba, rayuwarta ce kuma ita za ta zauna da mutanenta. Amma wadda duk take cikin irin wannan hali ta sani, neman bashin albashi yana da wa'adi a doka, ba a barin sa ya kwana shekaru ana cewa wata rana.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mini. "Muna ci da su, muna shayar da su, muna ba su wurin kwana." To, tuwon da ta tuƙa da hannunta ne ta ci, kuma kwanan gidan ke ya fi amfana, shi ya sa kike samun ta ƙarfe biyar na asuba da ƙarfe sha ɗaya na dare. Abinci ba ya zama hutu. "In aka ce sai da takarda babu mai ɗaukar su, za su rasa aiki." Ranar da 'yar aiki ta yi tafiya, kwana biyu ba a yi ba an fara kiran dillaliya, kowa ya san wa ya fi buƙatar wani. "Mu ma albashinmu bai kai ba." Wannan na ji shi, rayuwa ta yi tsada, buhun shinkafa ya ishi kowa. Amma in ƙarfinki bai kai na mai kwana ba, ki ɗauki mai zuwa ta yi awa huɗu ta tafi, ki biya ta daidai awanninta, ki rubuta. Ba a gyara ƙarancin albashin wani da hutun ɗiyar talaka. "Su ma suna sata, suna gudu ba sallama." Wadda ta yi sata akwai kwamisariya. Kuma takardar nan ke ma tana kare ki, don a cikinta ake rubuta cewa mai son barin aiki sai ya ba da sanarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin masu wannan magana ma'aikata ne. Sun san ranar da konjensu ke farawa tun wata uku kafin ta zo. In aka taɓa musu kwana guda, sandika za ta ji. Sun san CNSS, asusun inshorar ma'aikata, sun san kuɗin iyali, sun san hutun haihuwa na sati 14. Su dawo gida kuma su kalli wadda ta riƙe musu yara har suka samu damar zuwa buro, su ce ita ba ta gajiya. Tana gajiya, tana da uwa, tana da ƙannen da take so ta gani, tana son ta yi Sallah guda a garinsu ba tana wanke kayan cikin ragon wasu ba. Wata guda a shekara ne fa. Ki tsara shi tun da wuri, ki zaɓi lokacin da yara ke hutun lakwal ko lokacin da ƙanwarki za ta zo, ki ba ta kuɗinta kafin ta hau mota, ki rubuta ranar tafiya da ranar dawowa. Kuma kada ki ce za ki ba ta kuɗi ta zauna ta ci gaba da aiki, muddin tana aikin, hutun ake so ta ci da jikinta.

Ku kuma 'yan mata masu aiki, ko wanda zai karanta muku wannan: ku sayi kaye na dala ashirin. Ranar da kuka fara aiki a rubuta. Duk kuɗin da kuka karɓa a rubuta, da kwanan wata. In ba ku iya rubutu ba, ɗan lakwal na maƙwabta zai rubuta muku. Kuma ajiyar albashi a hannun uwar ɗaki ku rage ta, ku karɓi abinku ku yi adashi ko ku aika gida.

Wani abu ma da na tarar a wannan tafiya, yarinyar ba ta da takardar haihuwa. Da aka tambaye ta shekarunta, sai ta ce innarta ta ce an haife ta shekarar da fara ta cinye gero. Ko da Alhaji ya so ya yi mata rajista a CNSS, da wace takarda za a buɗe mata dosiye? Kuma ta yaya za a gane wadda ta kai shekara 14, mafi ƙarancin shekarun fara aiki, da wadda ba ta kai ba, tunda dillalai duk wadda suka kawo cewa suke ta girma, jiki ne ba ta da shi? Na ga yara a gidajen kartiyen nan da tulun ruwa ya fi ƙarfinsu. Iyaye na karkara, in an yi haihuwa a je a bayyana a mairi ko wurin mai gari tun da sauran lokaci, kafin abin ya koma sai an bi ta gaban alƙali. Na gaya wa yarinyar in ta isa Illela ta fara da wannan kafin ta sayi ko kwano ɗaya na kayan ɗaki, ta ce za ta nemi kawunta ya raka ta ranar kasuwa.